Idan kasuwa ta yi tsit: abin da layukan Bollinger ke faɗa da abin da suke ɓoyewa

Daga farkon Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba na shekarar 2018, farashin bitkoyin ya kwanta kamar an yi masa allurar barci. Kuɗin da aka saba ganin ya hau ko ya faɗi da ɗaruruwan daloli a wuni guda sai ga shi yana ta kai-komo a kusa da dala 6,400, yau ya ɗan ɗaga, gobe ya ɗan sauka. Masu bin kasuwar har suka fara ƙorafin cewa babu abin kallo. Ranar 14 ga Nuwamba ya ɓalle ƙasa da dala 6,000, kuma kafin tsakiyar Disamba ya sauka zuwa kusan dala 3,200. Cikin wata ɗaya rabin darajarsa ta tafi.

Duk wanda ya buɗe zanen farashin a wayarsa a makonnin nan na shiru, ya ɗora masa abin da manhajojin kasuwanci ke kira `Bollinger Bands`, zai ga layuka biyu da suka sa farashin a tsakiya, ɗaya sama ɗaya ƙasa, suna ta matsowa kusa da juna har suka zama ɗan siririn lungu. Wannan matsewar ita ce maganarmu a yau. Matasa da yawa da suka shiga harkar kirifto da canjin kuɗi ta intanet sun san ta, suna kuma ɗaukarta tamkar bushara. Tana da abin faɗa, babu shakka. Sai dai abin da take faɗa bai kai rabin abin da ake jingina mata ba.

Mutumin da layukan ke ɗauke da sunansa, John Bollinger, Ba'amurke ne mai nazarin kasuwar hannun jari, kuma a farkon shekarun 1980 ya fito da su. Kafin shi ma 'yan kasuwa suna zana iyaka sama da ƙasan farashi, amma da tsayayyen kaso: su ɗauki matsakaicin farashi, su ƙara masa, misali, kashi huɗu cikin ɗari a sama, su rage kashi huɗu a ƙasa. Matsalar ita ce kasuwa ba ta da hali ɗaya. Kashi huɗun da ya yi wa kasuwa mai natsuwa yawa shi ne zai yi wa kasuwa mai tashin hankali kaɗan, sai mutum ya yi ta gyara kason da hannu, gwargwadon yadda ransa ya raya masa. Dabarar Bollinger ita ce a bar kasuwar ta yanka wa kanta iyaka. Idan farashi yana girgiza da ƙarfi, layukan su buɗe. Idan ya lafa, su tsuke. A shekarar 2001 ya tattara bayanin tsarin a littafinsa mai suna Bollinger on Bollinger Bands.

Layin tsakiya shi ne mai sauƙin fahimta. Ana ɗaukar farashin da aka rufe kasuwa da shi a kwana ashirin na baya-bayan nan, a tara, a raba gida ashirin. Gobe sai a jefar da rana mafi tsufa, a shigo da sabuwa, a sake lissafi. Shi ya sa matsakaicin yake tafiya tare da farashi, yana bin sa a baya kaɗan. Kwana ashirin kuwa kusan wata ɗaya ke nan na ranakun aiki a kasuwar hannun jari.

Layuka biyun gefe su ne ke buƙatar a ɗan zauna. Nisansu daga tsakiya ya dogara da wani ma'auni na ilimin ƙididdiga da ke auna yadda lambobi suka warwatsu daga matsakaicinsu. Bari mu kira shi ma'aunin warwatsuwa. Don kada lissafin ya yi mana yawa, mu yi shi da kwana biyar maimakon ashirin. Hanyar ɗaya ce.

A ce hannun jarin wani kamfani ya rufe a naira 100, sannan 106, 94, 103, da 97. Jimilla 500, matsakaici 100. Yanzu a duba nisan kowace rana daga ɗarin nan: sifili, shida, shida, uku, uku. A ninka kowane nisa da kansa, a samu sifili, 36, 36, 9, 9, jimilla 90. A raba gida biyar, 18. Sai a nemi lambar da idan an ninka ta da kanta za ta ba da 18, wato kusan 4.24. Wannan shi ne ma'aunin warwatsuwar. A ninka shi biyu, kusan naira takwas da rabi. Layin sama zai tsaya a 108.5, na ƙasa a 91.5.

Wani kamfanin kuma ya rufe a 100, 102, 98, 101, 99. Matsakaicinsa shi ma 100 ne cif. Amma nisan ranakunsa sifili ne, biyu, biyu, ɗaya, ɗaya. Idan an bi hanyar ɗazu za a samu 10, a raba biyar a samu 2, ma'aunin ya fito kusan 1.41. Layin sama 102.8, na ƙasa 97.2. Matsakaici ɗaya, amma na farko yana yawo a fili mai faɗin naira 17, na biyu a lungu mai faɗin ƙasa da naira 6. Wanda ya kalli matsakaici kaɗai zai ce kamfanonin nan tagwaye ne. Wanda ya riƙe hannun jarinsu a makon ya san ba haka ba ne, don ɗaya ya hana shi barci.

Ga yadda ake rubuta shi a taƙaice, da sunayen da za ka gani a allon manhaja:

```
Middle = SMA(20)
Upper  = Middle + 2 * StdDev(20)
Lower  = Middle - 2 * StdDev(20)
BandWidth = (Upper - Lower) / Middle
```

Layin ƙarshen nan shi ne makullin zancenmu. `BandWidth` faɗin lungun ne, an raba shi da layin tsakiya don ya zama kaso. A misalinmu, na farko kashi 17 cikin ɗari ne, na biyu kusan kashi 5.7. Amfanin mayar da shi kaso shi ne a iya gwada faɗin yau da na bara, ko da farashin ya ninka a tsakani. Faɗin naira goma a kan hannun jarin naira hamsin tashin hankali ne. A kan na naira dubu kuwa ba a ma lura da shi.

Akwai wata magana da ke yawo a darussan da ake sayarwa ta waya, cewa kashi 95 cikin ɗari na farashi yana zama cikin layukan, saboda haka duk lokacin da ya leƙa waje, abin mamaki ya faru. Lambar nan ta fito ne daga littattafan ƙididdiga, inda ake magana kan lambobi masu bin wani tsari na musamman. Farashin kasuwa ba ya bin wannan tsari, kuma rana ashirin ta yi kaɗan a gina irin wannan hukunci a kanta. Bollinger da kansa ya faɗa cewa abin da ake gani a aikace ya fi kusa da kashi 90. Ka lissafa: rana ɗaya cikin goma, wato kusan kwana biyu a kowane wata, farashi zai rufe a waje ba tare da wani abu na musamman ya faru ba. Ya kuma nanata cewa taɓa layin sama ba umarnin sayarwa ba ne, taɓa na ƙasa ba umarnin saye ba ne. Idan kasuwa ta ɗauki hanya da ƙarfi, farashi kan manne wa layin sama yana hawa da shi mako bayan mako, wanda ya sayar a taɓawar farko ya zauna yana cizon yatsa.

To, mece ce matsewa? Ba wai kawai layukan sun yi kama da sun tsuke a ido ba. Ido yana ruɗi, musamman a ƙaramin allon waya, inda manhaja ke miƙa zane ko ta matse shi yadda ta ga dama. Ma'aunin da Bollinger ya bayar shi ne faɗin lungun ya sauka zuwa mafi ƙanƙantarsa cikin wata shida, wato kimanin ranakun kasuwa 125. Ka lura, ana gwada abu da tarihin kansa ne. Faɗin kashi biyar a bitkoyin matsewa ce mai tsanani. A tsakanin dala da yuro kuwa wannan faɗin rikici ne. Babu wata lamba guda da za a ce daga ita an shiga matsewa a kowace kasuwa.

Me ya sa za a yi tsammanin girgiza bayan shiru? Nan akwai ilimi na gaske a ƙarƙashin zancen, ba camfi ba. A shekarar 1963 masanin lissafi Benoit Mandelbrot, da yake nazarin tarihin farashin auduga, ya lura cewa manyan sauye-sauye suna zuwa ne a tare, ƙanana ma a tare: ranar tashin hankali takan jawo wata irinta, ranar natsuwa ma haka. A 1982 Robert Engle ya fitar da tsarin lissafin da ke kama wannan halin, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 2003. Abu biyu suka tabbata daga irin wannan bincike. Na ɗaya, girgizar farashi tana da naci, ta yau tana kama da ta jiya. Na biyu, a tsawon lokaci takan koma matsayinta na al'ada. Idan ta yi sama fiye da kima takan sauko, idan ta yi ƙasa fiye da kima takan tashi.

Abu na biyun ne masu sayar da darasi suke faɗa maka. Na farkon suke haɗiyewa, alhali shi ya fi shafar aljihunka. Tunda shiru yana jawo shiru, abin da ya fi yiwuwa gobe, a tsakiyar matsewa, shi ne wani shirun. Girgizar za ta dawo, amma layukan ba su san ranar ba. Kasuwar hannun jarin Amurka ta nuna wannan a fili a 2017. Shekarar nan gaba ɗayanta ta wuce cikin natsuwar da ba a saba gani ba, har ma'aunin fargabar kasuwa da ake kira `VIX` ya rufe a 9.14 a farkon Nuwamba, mafi ƙanƙanta a tarihinsa. Duk wanda ya ce tun a watan Maris ko Yuni cewa shirun ya yi yawa, gaskiya ya faɗa. Amma sai ranar 5 ga Fabrairun 2018 abin ya fashe, lokacin da ma'aunin `S&P 500` ya faɗi da kusan kashi huɗu a wuni guda, `VIX` kuma ya fi ninkawa. Wanda ya zuba kuɗi yana jiran fashewar tun farkon shekara ya daɗe da gajiya, ko kuɗin nasa sun gaji.

Dalilin da shiru ke haifar da girgiza ba a lissafi kaɗai yake ba, yana cikin halin mutane. Idan farashi ya daɗe a ƙaramin fili, kowa yana ganin filin. Masu saye suna ajiye umarnin a sayar musu idan ya faɗi ƙasa da gefen ƙasa kaɗan, don taƙaita hasara. Masu jiran ɓallewa suna ajiye umarnin saye a saman gefen sama kaɗan. Umarni yana ta taruwa a gefe biyu. Ga kuma wasu da suka ga riba ta yi ƙaranci saboda farashi ba ya motsi, sai su ciyo bashi daga dillali su ninka cinikinsu sau goma ko ashirin, suna ganin ai babu haɗari. Ranar da wani labari ya ture farashin ya tsallake gefe, umarnin farko ya tashi ya tura shi gaba, ya tayar da na biyu, dillalai su fara rufe cinikin masu bashi da ƙarfi, shi ma wannan ya ƙara turawa. Natsuwar ce da kanta ta tara makamashin.

Sai babbar tambaya: sama ko ƙasa? A nan layukan bebaye ne, kuma dalilin yana cikin lissafin da muka yi ɗazu. Ka tuna mun ninka kowane nisa da kansa. Ranar da farashi ya hau naira shida da ranar da ya faɗi naira shida, duk 36 suka bayar. Tun a matakin nan aka shafe bambancin hawa da sauka. Ma'aunin da aka gina ta hanyar goge alƙibla ba zai dawo ya nuna maka alƙibla ba. Bitkoyin ɗin da ya faɗi bayan matsewar 2018 shi ne ya sake tsukewa a watan Yulin 2020, ya yi makonni yana zagaye dala 9,200. A ƙarshen watan ya ɓalle sama, ya haye dala 11,000, kafin shekara ta ƙare ya wuce 20,000. Ka ajiye zanen biyu gefe da gefe, ka rufe abin da ya biyo baya da hannunka, ka ba ƙwararre ya zaɓa. Lungun iri ɗaya ne.

Don haka masu amfani da tsarin sukan jira farashi ya rufe a wajen ɗaya daga cikin layukan, sannan su bi shi. Nan ma akwai tarko, kuma Bollinger ya yi gargaɗi a kansa: sau da yawa motsin farko na yaudara ne, farashi ya leƙa gefe ɗaya, ya kwashi waɗanda suka yi saurin bi, sannan ya juya ya tafi ɗaya gefen da gaske. A tsakiyar Oktoban 2018, wata guda kafin faɗuwar nan, bitkoyin ya yi wani tsalle sama na rana ɗaya, sannan ya koma inda ya fito. Wanda ya saya a ranar yana murnar ɓallewa ta zo, shi Nuwamba ta samu da kaya a hannu.

Yaudarar tana da tushe a lissafi. A ce faɗin lungu ya sauka zuwa kashi biyu, layin sama 101, na ƙasa 99. Farashi ya rufe a 101.5. A zane, wannan ɓallewa ce: ya fita waje, layukan sun fara buɗe baki. A zahiri kuwa naira ɗaya da rabi ce a kan ɗari, motsin da watanni uku baya ba wanda zai ɗaga kai ya kalla. Gwargwadon tsukewar lungu, gwargwadon sauƙin tsallake shi. Wato a daidai lokacin da kowa ya zuba ido yana jiran alama, a lokacin ne alamar ta fi araha. Shi ya sa masu hankali ke neman shaida daga wani wurin da ba farashin ba, musamman yawan abin da aka yi ciniki. Ɓallewar da aka yi ta da ciniki ninki biyu ko uku na abin da aka saba ta fi ƙarfin wadda 'yan tsirarun mutane suka yi da tsakar dare. Wannan ma ba tabbas ba ne, rage shakka ne kawai.

Akwai kuma matsewar da lissafi ne kaɗai ya ƙirƙire ta. Mu koma kwana ashirin cikakku. A ce kwana goma sha tara farashi yana 100, rana ɗaya tak ya yi tsalle zuwa 120 ya dawo. Matsakaici zai zama 101, ma'aunin warwatsuwa kusan 4.36, faɗin lungu kusan kashi 17. Muddin ranar nan tana cikin kwana ashirin da ake lissafawa, layukan za su tsaya a buɗe, kamar kasuwa na rikici, alhali tana kwance. Ranar da ta fita daga lissafin, layukan za su rufta lokaci ɗaya. Mai kallo zai ce yau wani abu ya faru. Babu abin da ya faru yau. Wata tsohuwar rana ce ta bar layi. Duk lokacin da ka ga layukan sun tsuke farat ɗaya, ƙirga kwana ashirin baya ka ga abin da ya fita.

Amma a ganina, tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma wadda zane ba ya amsawa, ita ce: me ya sa farashin ya yi shiru? Shiru iri-iri ne, kuma a allo duk fuskarsu ɗaya.

Akwai shirun da masu saye da masu sayarwa suka yi kunnen doki, kowa na jiran labari: sakamakon ribar kamfani, zaman babban banki kan kuɗin ruwa, zaɓe. Irin wannan shi ne mafi sauƙi, domin kalanda ma za ta gaya maka ranar, abin da layukan ba za su iya ba. Akwai shirun rashin kasuwa. A kasuwar hannun jari ta Legas akwai ƙananan kamfanoni da farashinsu kan yi kwanaki bai motsa ba, don kusan babu mai saye ko sayarwa. Layukansu sukan manne da juna, amma babu wani makamashi da ke taruwa. Kango ne kawai. Wanda ya shiga irin wannan yana jiran fashewa zai gane kurensa ranar da ya nemi fita ya rasa mai karɓa.

Sai na uku, wanda ya fi haɗari: shirun da hukuma ta tilasta. A watan Satumban 2011 babban bankin Suwizalan ya sanar cewa ba zai bari yuro ɗaya ya faɗi ƙasa da faran 1.20 na ƙasar ba, kuma zai sayi ko nawa ne na kuɗin waje don kare wannan iyaka. Fiye da shekara uku ya riƙe. A watannin ƙarshe farashin ya lafe a kan 1.20, layukan suka tsuke har da ƙyar ake ganin tsakaninsu. 'Yan kasuwa da yawa suka ga garaɓasa: ka sayi yuro a kusa da 1.20 da bashi mai yawa, ka sa umarnin fita a ƙasa kaɗan, ai banki ya tsare maka ƙasa. Ranar 15 ga Janairun 2015 bankin ya janye hannunsa ba sanarwa. Akuyar ɗaure ta samu sake. Cikin mintoci yuro ya zube zuwa wajen 0.85, kafin ya farfaɗo ya tsaya kusa da faran ɗaya. Umarnin fita da mutane suka ajiye a 1.19 bai samu mai karɓa a 1.19 ba, an cika shi ne can ƙasa, inda aka samu mai saye. Wasu suka wayi gari ba jarinsu kaɗai ya tafi ba, dillali ma yana bin su bashi. Kamfanin dillanci na Alpari reshen Birtaniya ya durƙushe, FXCM kuma sai da aka ceto shi da rancen dala miliyan 300.

Mu ma nan gida mun ga irinsa. Daga farkon 2015 zuwa tsakiyar 2016 Babban Bankin Najeriya ya riƙe farashin hukuma a tsakanin naira 197 zuwa 199 kan dala ɗaya. Da za a zana wa wannan farashin layukan Bollinger, da an ga zare guda miƙaƙƙe. A watannin ƙarshe na lokacin nan kuwa 'yan canji a Wapa ta Kano suna sayar da dala sama da naira 300. Ranar 20 ga Yunin 2016 aka saki farashin, ya tashi zuwa wajen 280 a rana ɗaya. Wanda ya san abin da ke tafe ba daga zane ya sani ba. Daga tazarar da ke tsakanin banki da kasuwar bayan fage ya sani, da raguwar ajiyar kuɗin waje bayan faɗuwar farashin mai. Haka 'yan'uwanmu na Nijar: sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, don haka layukanta da yuro a manne suke kullum, kuma wannan mannewar ba ta nuna komai game da gobe. Idan ranar sauyi za ta zo, kamar yadda aka rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994, daga teburin shugabanni za ta fito.

To me ya rage wa matsewa, bayan duk wannan? Abu guda, kuma mai daraja: tana gaya maka cewa ma'aunin haɗarin da idonka ya saba da shi a makonnin nan ƙarami ne fiye da na gaskiya. Mu gwada da kuɗi. Mutum yana da jarin naira 500,000, ya yanke cewa ba zai yi hasarar fiye da naira 5,000 a ciniki ɗaya ba. Ya saya a 101.5 bayan ɓallewa, ya sa umarnin fita a 99. Tazarar naira biyu da rabi ce, don haka lissafi ya ba shi damar sayen hannun jari 2,000, wato naira 203,000. A takarda komai ya yi daidai. Da dare sai mummunan labari ya fito, kasuwa ta buɗe da safe a 95. Hasararsa naira shida da rabi sau dubu biyu, naira 13,000, fiye da ninki biyu da rabi na abin da ya yi niyya, ban da kuɗin dillali. Wannan da kuɗinsa ya saya, zai ji zafi amma zai tashi. Da kuma da bashi ya saya, ya ajiye kashi goma kawai na kuɗin a matsayin jingina, wato naira 20,300, da wannan motsin guda ya cinye kusan kashi biyu bisa uku na jinginar.

Ka ga inda dabarar take juyewa. Tsukakken lungu yana sa wurin fita ya zo kusa, wurin fita na kusa yana ba da izinin babban ciniki, babban ciniki kuma yana haɗuwa da lokacin da farashi ya fi iya tsallake wurin fitar ba tare da ya taka shi ba. Mai fahimtar matsewa yana auna girman cinikinsa da faɗin lungun na al'ada, na watannin da suka wuce, ba da na yau ba. Idan faɗin da aka saba kashi goma ne, yau kuma kashi biyu, to kashi goman ne gaskiyar halin wannan kaya.

Wata shawara ta aiki: kada ka yi ta sauya lambobin nan biyu, 20 da 2, har sai zanen ya yi daidai da abin da ya riga ya wuce. Kowa zai iya samun lambobin da za su sa tarihi ya yi kyau. Bollinger ya ba da shawarar gyara kaɗan kawai idan an sauya tsawon kwanakin, 1.9 ga kwana 10, 2.1 ga kwana 50. Kuma ka san cewa matsewar da ka gani a zanen minti biyar sau da yawa lokacin barcin kasuwa ne kawai, bayan New York ta rufe kafin Landan ta buɗe. Tana faruwa kullum, kuma kullum tana buɗewa idan mutane sun zo aiki.

Saboda haka, mai karatu, idan wani ya turo maka hoton layuka a tsuke da kibiya mai nuna sama, ya ce a shiga yanzu kafin jirgi ya tashi, ka tambaye shi abu uku: faɗin nan shi ne mafi ƙanƙanta cikin wata nawa, me ya kawo shirun, kuma daga ina ya samo kibiyar, tunda ba ta cikin lissafin. Idan ya kasa amsa ko ɗaya, ka riƙe kuɗinka.